Babin da Alice Ta Ce a Tsallake

Alice ba ta faɗin cewa ita 'yar Kwali ce sai an matsa mata. Idan wani ya tambaye ta a Gwagwalada, cewa take yi ita 'yar Abuja ce, kuma ba ƙarya ta yi ba, domin kakanninta suna noma a ƙasar nan tun kafin a kafa tubalin ma'aikata ko ɗaya. Amma ta san abin da mai tambaya yake ji idan ta ce Abuja, kuma shi take so ya ji.

A wani ƙauye bayan Kwali aka haife ta, a gidan da rogo ne komai. Shi ake ci, shi ake sayarwa, shi ne ya kai ta makaranta. Bayan ɗakin mahaifiyarta Magdalene akwai manyan tukwane da ake jiƙa rogon yin garin kwaki, warinsu yana shiga tufafi ya zauna. A makarantar kwana yara sun taɓa shinshina rigarta suka kwashe da dariya. Tun daga nan Alice ta fara wanke kanta daga ƙauyen, a hankali, ba tare da ta faɗa wa kowa ba. Ta gyara Hausarta a bakin ƙawaye 'yan Kano har ta fi wasunsu iya jan magana. Wanda ya ji ta a waya ba zai taɓa cewa da wani yare aka yi mata rawar goyo ba.

Yanzu aikinta buga takardu ne a shagon Oga James, kusa da jami'a. Ɗalibai suna kawo mata rubutunsu a hargitse, ita ce take raba shi babi-babi, ta sa wa kowane babi kai. Ta iya wannan aikin sosai. Ta san cewa mutane ba sa karanta abu, kawunan babi suke bi, su sauka inda aka nuna musu.

Ranakun Lahadi kuma, bayan coci, girki take yi a gaban waya. Tana da tasha a YouTube mai suna Girkin Anti A. Hannayenta kawai ake gani, da tukunya, da muryar nan tata mai santsi. Masu kallo suna kiranta Anti Aisha, wasu Anti Amina. Ba ta taɓa gyara musu ba.

Sau ɗaya ta yi kuskuren barin muryar mahaifiyarta ta shiga wani bidiyon miyar ganye. A ƙarƙashinsa wata ta rubuta, “Anti, mai aikinki ce wannan? Hausarta ta ba ni dariya.” Alice ta goge sharhin. Ba ta amsa tambayar ba, ko a zuciyarta.

Bidiyon ƙosan rogo ya zo ne ba da shiri ba. Mama Magdalene ta kawo mata ziyara da ƙullin rogo daga gona, ta tarar da ita tana kafa waya a kan mariƙinta mai ƙafa uku. Da ta ji abin da za a koya wa mutane, sai ta ajiye jakarta, ta ja kujera har gaban wayar, ta zauna da ɗankwalin cocinta da tsagar fuskarta da komai.

“Kunna shi,” ta ce. “Ni zan fara magana.”

“Mama, hannu kawai nake nunawa.”

“Hannu ba ya magana. Mutanen birni za ka koya wa rogo? Kunna.”

Alice ta kunna. Tsohuwar ta ɗauki saiwa biyu, ta yi bayani da Hausarta ta kasuwa, wadda ba ruwanta da mace ko namiji. Ta ce rogo iri biyu ne. Akwai na ci, wanda ake dafawa a ci da ƙuli. Akwai na yin gari, mai ɗaci, wanda yake da guba a jikinsa. Ta ce ido ba ya rabe su ko da yaushe, sai a tambayi wanda ya noma, kuma idan an taɓa ɗanyen a harshe aka ji ɗaci, a ajiye shi. Dafuwa ba ta isa ta cire gubar ba, suya ma haka. Sai an jiƙa shi ya yi laushi ya yi tsami, ko a goge shi a matse, a shanya ko a soya shi gari. Ta yi ta maimaitawa, tana kaɗa yatsa, tana kawo labarin akuyar maƙwabta da ta sha ruwan jiƙon rogo ba ta kai yamma ba. Alice tana tsaye a bayan wayar tana jin maganar tana tsawo.

Da za ta tafi, Mama ta riƙe mata hannu a bakin titi. “Kar ka yanke maganata, Alice. Zan sa a nuna min a waya.”

“Ba zan yanke ba.”

Ba ta yanke ba. Alice ba ta karya alkawari, hanyar zagaye shi take nema.

Washegari a shago, da babu ɗalibai, ta buɗe shafin da ake ɗora bidiyo. Abu uku ne suke jiran ta: take, da bayanin da ke ƙarƙashin bidiyo, da babi-babi. Oga James ya zagayo bayanta da kofin shayinsa, kamar yadda ya saba.

“Me kika sa? ‘Yadda ake ƙosan rogo’? Haba Alice. Wannan ai taken wa'azi ne, babu mai dannawa. Mutane yunwar kuɗi suke ji, ba yunwar ƙosai ba. Sa musu sana'a.”

“Oga, ka bar ni da aikina.”

“Da datata kike yi, dole in sa baki.”

Ta yi tsaki, amma ta goge. Ta rubuta: Sana'ar Ƙosan Rogo: Rogo Mai Araha, Riba Mai Yawa. Ta tsaya tana kallon kalmar araha. Duk wanda ya tashi a Kwali ya san wane rogo ne ya fi araha idan motoci suka sauke kaya. Ta san shi kamar yadda ta san sunanta. Ta bar kalmar.

A wurin bayani ta jera kayan haɗi: rogo, attaruhu, albasa, gishiri, ɗanɗano, man suya. Rogo kawai, ba ta ce wane iri ba. Can ƙasa, bayan roƙon a bi tashar, bayan jerin kalmomin nema, ta ƙara layi ɗaya: A kula da irin rogon da za a saya. Layukan farko ne kawai ke fitowa a waya, sauran sai mutum ya danna ya buɗe. Wannan ma ta sani. Amma layin yana nan, kuma idan wani ya tambaye ta wata rana, za ta iya nuna shi.

Sai babi-babi. Ƙa'idar mai sauƙi ce: a rubuta lokuta a cikin bayanin, a fara da sifili, a jera aƙalla uku bi da bi, kowanne da sunansa, sai YouTube ya yanka layin da ke ƙasan bidiyo gida-gida, mai kallo ya taɓa gidan da yake so. Ta rubuta:

0:00 Gaisuwa da hira (kuna iya tsallakewa)
4:10 Girki ya fara daga nan

Ta ci gaba da sauran, dafawa, daka, suya. Duk maganar Mama, da saiwa biyun, da akuyar, sun shige cikin layin farko.

Ta gaya wa kanta cewa kare tsohuwar take yi daga bakin mutanen da ba su da kunya. Akwai gaskiya a ciki, kaɗan. Sauran gaskiyar ita ce ba ta so a ga fuskar nan a haɗa ta da muryar Anti A.

Bidiyon ya tashi irin tashin da babu wani nata da ya taɓa yi. Kafin mako ya ƙare dubbai sun kalla. A shafin masu tasha akwai zanen da ke nuna inda mutane suke tsayawa da inda suke gudu. Nata ya faɗi ƙasa warwas tun daga farko, sannan ya miƙe tsaye daidai inda girki ya fara. Kusan kowa ya bi umarninta. Babu wanda ya yi wa Mama dariya, domin kusan babu wanda ya gan ta. Oga James ya fara kiranta Madam YouTube, yana cewa idan ta yi arziki kar ta manta wanda ya ba ta take.

Ranar Talata da safe, tana buɗe shago, ta ga sharhin. Tun jiya da yamma aka rubuta shi.

“Anti Allah ya saka da alheri. Na samu rogo mai araha wajen masu gari, buhu guda. Na taɓa ɗanyen yana da ɗan ɗaci amma na san suya za ta kashe. Gobe in sha Allah zan fara kai wa yara ƙofar makaranta lokacin tara. A sa min albarka.”

Sunan mai rubutun Rukayyat Maman Mubarak Kutunku. Kutunku unguwa ce a nan Gwagwalada. Mutum goma sha wani abu sun danna mata alamar so. Wata ta amsa da “Allah ya sa albarka.”

Goben da ta faɗa, yau ce.

Alice ta zauna. Abin da ya kamata a rubuta a nan shi ne ta miƙe a guje, amma ba haka aka yi ba. Abu na farko da ya zo mata shi ne: idan ta amsa a fili, kowa zai gani. Ta nemi hanyar aika saƙo a ɓoye, alhali ta san YouTube ba shi da ita. Ta buɗe tashar matar, babu bidiyo, babu lambar waya, hoton fure ne kawai. Sannan ta dawo ta rubuta amsa: “Don Allah kar ki yi amfani da rogon nan, mai ɗaci guba ne, suya ba ta kashewa.” Ta aika. Ta zuba wa wayar ido. Matar da ke gaban kasko tun safe ba ta duba waya.

“Lafiya?” in ji Oga James, yana shigowa. “Kin yi fari kamar takardar da ba a buga ba.”

Ta miƙa masa wayar. Ya karanta yana motsa baki.

“To? Ke kika ce ta sayi mai ɗaci? Ba ga mamanki nan ta yi bayani ba?”

“A babin da na ce a tsallake.”

“Ai ‘kuna iya’ kika ce, ba ‘dole’ ba. Ki bar shi haka. Bidiyo yana kan gudu, kika taɓa take yanzu sai ya tsaya. Wa ya sani ma ko wasa take yi.”

Abin da ya tsorata Alice shi ne yadda maganarsa ta yi mata daɗi. Ta ji ta kwanta mata kamar ruwan sanyi. Da ya ƙara jimla biyu, wataƙila da ta zauna ta buga wa ɗalibai takardunsu.

Ta janyo allon rubutu. Ta yi tunanin rufe bidiyon gaba ɗaya, sai ta tuna idan ta rufe, amsarta ma ta ɓace, matar ba za ta gani ba. Dalili ne mai kyau, kuma ta lura da yadda ta yi saurin karɓarsa. Ta goge taken ta sa: Gargaɗi Kafin Ki Yi Ƙosan Rogo: Rogo Mai Ɗaci Guba Ne. Ta ɗauko layin nan na can ƙasa ta kawo shi farkon bayani, ta rubuta shi dalla-dalla. A babin farko ta goge gaisuwa da hira. Yatsunta suka tsaya. Sannan ta buga: 0:00 Mahaifiyata ta bayyana rogon da ke kisa, kar a tsallake. Ta adana. Ta rubuta gargaɗin a sharhi ta maƙala shi a sama.

Duk wannan na wanda zai zo gobe ne. YouTube ba ya sanar da wanda ya riga ya kalla cewa an canza take. Dubban nan sun tafi da abin da suka gani.

Ta ɗauki jaka.

“Ina za ki? Akwai aikin mutane fa!”

“Kutunku.”

“Kin san makarantu nawa ne a Kutunku?”

Ba ta sani ba. Ta tare ɗan acaɓa, ta ce ya kai ta duk makarantar firamaren da ya sani a unguwar, ɗaya bayan ɗaya. Rana ta riga ta ɗaga. A ta farko mai awara ce kawai da mai rake. A ta biyu ta tambayi mai gadi ko ya san Maman Mubarak, ya ce Maman Mubarak uku ya sani, wacce daga ciki? Ta ce mai ƙosan rogo. Ya girgiza kai. Tana hawa babur ta ji ana buga ƙararrawa a cikin makarantar, yara suka ɓarke da ihu. Idan nan an fita tara, ko'ina ma an kusa.

Wata mai kunun zaƙi ce ta nuna musu hanya. “Sabuwar nan? Rukayya? Tana bayan masallaci, makarantar mai koren ƙofa. Yau ta fara, har ta ba ni ɗanɗano na ce ina azumi.”

Sun tarar da ƙofar a rufe, ana jin hayaniyar yara a ciki, ba a kai ga sako su ba. A gindin katanga wata mata siririya tana zaune a kan benci, da goyo a bayanta, da farar roba babba a gabanta an rufe da leda. Ƙosan sun yi ja, sun yi kyau, kamar na cikin bidiyon sak. Matar ta dafe goshinta da hannu ɗaya.

“Ke ce Maman Mubarak?”

“Ni ce. Na nawa za a ba ki?”

Alice ta sunkuya ta ɗauke robar gaba ɗaya ta rungume.

“Ke! Baiwar Allah, lafiyarki? Ɓarauniya da rana tsaka? Jama'a!”

“Ni ce Anti A. Ni na yi bidiyon.”

Rukayyat ta tsaya da hannunta a kan bakin robar. Ta dubi siket ɗin Alice, da kanta babu mayafi, da ƙaramin gicciyen da ke wuyanta.

“Ƙarya kike yi. Anti Aisha ce.”

“Ki saurari muryata. ‘Sai ki daka shi da zafinsa, kar ki bari ya huce.’ Ni ce. Rogon da kika saya na yin gari ne, guba gare shi. Kin sayar wa wani?”

“Ba a fito ba tukuna.” Muryarta ta yi ƙasa. “Wace irin guba? Ni duk abin da kika ce shi na yi. Na dafa, na daka, na soya. Ina kika ce guba?”

“A farkon bidiyon.”

“Farkon ai hira ce. Ke kika rubuta a wuce. Datata ba ta da yawa, Anti, na wuce.”

Aka zare sakatar ƙofar. Yara suka fito kamar an ɓalle ruwa, da kuɗinsu a dunƙule a hannu, suka kewaye su. Sabon abu ne, ƙamshinsa ya kai musu tun suna aji. Anti a ba ni, Anti ni na fara zuwa. Wata ƙarama ta zura hannu ƙarƙashin ledar. Alice ta ɗaga robar sama da kanta, ta daka musu tsawar da ba ta san tana da ita ba, kuma da yaren ƙauyensu tsawar ta fito. Yaran suka ja baya suna kallonta. Ta miƙa wa ɗan acaɓan robar ta ce ya riƙe, ko ɗaya kar ya bari ya fita, shi ma kar ya kai baki.

Da ta juyo, Rukayyat ta koma kan bencin. Gumi ya tsattsafo mata a leɓen sama.

“Kin ci?” Alice ta tambaya.

“Mai girki ai sai ta ɗanɗana.”

“Nawa?”

“Ban karya da komai ba sai shi. Tun ɗazu kaina yake juyawa, na ɗauka hayaƙin itace ne.” Ta haɗiye yawu da ƙyar. “Cikina ma yana murɗawa.”

“Mubarak fa? Shi ne a bayanki?”

“Shi ne. Nono kawai yake sha. Babansu ya fita tun kafin in sauke.”

Alice ta tare keke mai ƙafa uku. Ta kwance goyon da kanta ta rungume yaron, ta tallafi uwar ta shigar da ita. Ta karɓi robar ta tura ƙarƙashin ƙafafunta, don likita ya ga abin da aka ci. Ta ce wa mai keken ya kai su asibitin koyarwa, sashen gaggawa, kuma kar ya tsaya ɗaukar kowa.

A hanya Rukayyat ta yi amai sau ɗaya ta gefen keken. Ta jingina kanta da ƙarfe, idonta a lumshe. Alice tana ta yi mata magana don kar ta yi shiru, tana cewa sun kusa, tana cewa an san maganin abin nan idan an zo da wuri. Ba ta da tabbacin ko sun zo da wuri.

“Anti,” Rukayyat ta ce, ba ta buɗe ido ba. “Buhun nan ba ni kaɗai na saya ba. Raba shi muka yi.”

“Da wa?”

“Da yayata, a Zuba. Ni na tura mata bidiyon. Na tura a zauren matan unguwarmu ma, na WhatsApp.”

Ta zaro wayarta daga cikin zani ta miƙa. Alice ta buɗe da hannu ɗaya, ɗayan yana riƙe da yaron. Saƙon yana nan a zauren, da hoton ƙosan, da tsohon taken a ƙarƙashinsa kamar ba a taɓa shi ba: rogo mai araha, riba mai yawa. Gyaran da ta yi a shago bai iso nan ba. A ƙasa mata sun yi ta godiya.

“Yayar taki, yaushe za ta yi nata?”

“Ita a tasha take sayarwa. Da rana take fita.”

“Me kika sa wa sunanta a wayar?”

Rukayyat ta motsa baki. Ƙarar keken ta danne maganar. Alice ta kai kunnenta daf da leɓenta.

“Maman Mubarak, kar ki yi barci. Faɗa min sunan.”

“Yaya Nazeefa.”

Alice ta nemo lambar ta danna. Wayar ta fara ƙara a can Zuba. Mai keken ya karya kwana zuwa ƙofar asibitin, yana danna ham don masu tafiya a ƙasa su ba shi hanya.